Katin Awon Ciki da Jadawalinsa: Tarihin Aikin da Yadda Ake Yin Sa

Katin awon ciki takarda ce mai ɓangare biyu. A sama ake rubuta abin da ba ya sauyawa: shekarun mace, yawan cikin da ta taɓa yi, 'ya'yan da ke raye, ɓari ko tiyatar da ta gabata, ranar farkon jinin al'adarta na ƙarshe da ranar da ake sa ran haihuwa. A ƙasa kuma akwai layuka, kowane awo da layinsa, inda ungozoma ke cike kwanan wata, makonnin ciki, nauyi, awon hawan jini, sakamakon fitsari, tsayin ciki, kwanciyar ɗa, bugun zuciyarsa, magungunan da aka bayar da ranar dawowa. Ana cike layukan nan a ranaku daban-daban, sau da yawa da hannuwa daban-daban, wani lokaci ma a asibitoci daban-daban. Jadawalin taƙaitawa shi ne a tattaro su, a daidaita ma'auninsu, a jera su bisa makonnin ciki, domin a ga inda kowane awo ya dosa. Dalilin yin haka ɗaya ne: yawancin haɗurran ƙarshen ciki ba sa bayyana a layi guda, sai an dubi layi uku ko huɗu tare.

Asalin layukan kati

Awon ciki a matsayin aikin asibiti bai daɗe ba. A 1901 likitan nan na Edinburgh, John William Ballantyne, ya yi kira da a keɓe wurin kula da mata tun kafin naƙuda, kuma a wannan shekarar aka ware gado ɗaya tal domin haka a asibitin haihuwa na birnin. A 1929 Ma'aikatar Lafiya ta Birtaniya ta fitar da takardar da ta tsara lokutan awo: a fara wajen mako 16, a dawo a mako 24 da 28, daga nan duk bayan mako biyu har zuwa 36, sannan kowane mako har haihuwa. Takardar ta kuma fayyace abin da za a duba, wato fitsari, hawan jini, tsayin ciki da bugun zuciyar ɗa. Ba gwajin kimiyya aka yi kafin a tsayar da wannan tsari ba, ra'ayin ƙwararrun lokacin ne. Duk da haka shi ya bi makarantun ungozomomi zuwa ƙasashen da Birtaniya ta mallaka, har da Najeriya, kuma shi ya sa tsofaffin katuna ke da layuka goma sha wani abu.

A farkon zamanin, bayanin yana zama a asibiti. Bayan kafa hukumar lafiya ta ƙasa a Birtaniya a 1948, kulawar mai ciki ta rabu tsakanin likitan unguwa, ungozoma da asibitin haihuwa, sai ya zamana kowa na da rabin labari. Maganin da aka samo shi ne ƙaramin katin haɗin gwiwa wanda mace ke riƙewa, duk wanda ya duba ta ya ƙara layi. Japan ta riga ta bi irin wannan hanya da littafin mai ciki tun 1942, wanda aka faɗaɗa ya haɗa uwa da ɗa a 1948. Wannan sauyi shi ya haifar da matsalar da ake fama da ita har yau: kati ɗaya, marubuta da yawa, kowa da salon rubutunsa.

Daga lamba zuwa alkibla

Tunanin cewa alkiblar awo ta fi lambar awo muhimmanci ya yi ƙarfi ne a Najeriya. A ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, David Morley, likitan yara da ke aiki da asibitin Wesley Guild na Ilesha, ya bi diddigin girman yara a ƙauyen Imesi-Ile, ya fito da katin nauyin yara wanda uwa ke ajiyewa a gida. Darasin katin shi ne, nauyin yau kaɗai bai isa hukunci ba; abin dubawa shi ne ko layin na hawa, ko ya tsaya, ko yana gangarowa. Fannin haihuwa ya ɗauki wannan darasi. A 1972 Philpott da Castle suka fitar da takardar bin naƙuda mai layin gargaɗi da layin ɗaukar mataki a Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau. A 1977 Westin a Suwidin, da Belizán da abokan aikinsa a Ajantina a 1978, suka wallafa zanen tsayin ciki bisa makonni, wanda ake auna shi da tef daga saman ƙashin mara zuwa saman mahaifa.

A daidai wannan lokaci ake wani babban aiki a Zariya. Kelsey Harrison da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello sun tattara bayanan haihuwa 22,774 a jere daga 1976 zuwa 1979, aka wallafa sakamakon a 1985. Rabon da ya fi fitowa fili shi ne tsakanin matan da suka yi rajistar awo da waɗanda sai da naƙuda ta tsananta aka kawo su: mutuwar uwa da ta jariri ta fi yawa ƙwarai a rukuni na biyu. Binciken ya nuna cewa bayanan yau da kullum na ɗakin haihuwa, in an rubuta su da tsari ɗaya an kuma jera su, suna iya amsa manyan tambayoyi.

Sauran sassan duniya ma sun yi nasu. Cibiyar nazarin haihuwa ta Latin Amurka da ke Montevideo ta fara tsarin bayananta na kwamfuta a 1983, inda katin da ke hannun mace da takardar da ke asibiti suke da gurabe iri ɗaya, kuma aka rina guraben gargaɗi da ruwan ɗorawa. Bayan taron kare lafiyar uwa na Nairobi a 1987, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa batun katin uwa na ajiyewa a gida, ta fitar da jagorarsa a 1994.

Awo huɗu, awo takwas da zamanin ƙidaya

A 2001 aka wallafa gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a asibitoci 53 na Ajantina, Kyuba, Saudiyya da Tailan, wanda ya kai ga tsarin awo huɗu ga mace marar wata matsala: wajen mako 8 zuwa 12, 24 zuwa 26, 32, sai 36 zuwa 38. Aka sake zanen katuna, kowane awo da jerin ayyukansa. Daga baya da aka sake nazarin alƙaluman, sai aka ga mutuwar 'ya'ya a ciki ta ɗan fi yawa a tsarin da aka rage awo, musamman tsakanin mako 32 da 36. A 2016 Hukumar ta koma ga haɗuwa takwas: ɗaya kafin cikar mako 12, sai 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Ta kuma ba da shawarar kowace mai ciki ta riƙe bayananta da kanta, kuma a yi mata sikanin sau ɗaya kafin mako 24.

Shekarun nan sun kawo wani abu kuma, wato rahoton wata-wata. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar gina ta, ta zama ma'ajin alƙaluman lafiya a Najeriya da ƙasashe masu yawa. Ungozoma ta koma tana cike kati, ta cike babbar rajistar awo, a ƙarshen wata kuma ta ƙirga mata nawa suka zo awon farko, nawa suka zo na huɗu, nawa suka sha Fansida karo na biyu ko na uku. Waɗannan alƙaluma suna da amfani wajen rabon magani da ma'aikata, amma rajistar da ake cikewa rana-rana tana warwatsa mace ɗaya a shafuka biyar. In aka raba masu awo na huɗu na watan Yuli da masu awon farko na watan Yuli, mata daban aka kwatanta, domin waɗanda suka kai na huɗu sun yi rajista tun watanni baya. Malawi na cikin ƙasashen da suka magance wannan da rajista mai layi ɗaya ga kowace mace, inda ake komawa layinta duk zuwan da ta yi, a kuma ba da rahoto bisa rukunin da suka yi rajista a wata ɗaya. Ƙoƙarin hana ƙanjamau wucewa daga uwa zuwa ɗa ya taimaka wajen yaɗa irin wannan rajista, tunda aikin ba ya yiwuwa sai an bi kowace mace daga farko zuwa ƙarshe.

Saboda haka jadawali iri biyu ne a fannin nan, kuma ana yawan cakuɗa su. Na ɗaya yana ƙirga mata domin ofis. Na biyu yana bin mace guda domin a san halin da cikinta ke ciki. Rahoto ya fi cin lokacin ma'aikata saboda shi ake tambaya daga sama, amma na biyun shi ke ceton rai a ranar awo.

Yadda ake fitar da jadawalin mace guda

Matakin farko shi ne tsayar da makonnin ciki daga tushe ɗaya. In mace ta tabbatar da ranar farkon al'adarta ta ƙarshe, wadda kati ke kira `LMP`, ana ƙara kwana 7 da wata 9 a sami ranar haihuwa, `EDD`, wato kusan kwana 280. In akwai sikanin na farkon ciki wanda ya saɓa wa wannan lissafi da yawa, shi ake bi. Sikanin na ƙarshen ciki kuwa ba a gyara kwanan wata da shi matuƙar akwai tushe mafi inganci, domin yana iya kuskuren mako biyu zuwa uku, kuma yana ɗaukar ɗan da bai girma ba a matsayin ƙaramin ciki. A ƙasar Hausa wannan mataki na buƙatar haƙuri. Mata da yawa da watan Musulunci suke lissafi, sai a ji an ce tun kafin azumi, ko tsakanin salloli, dole a buɗe kalanda a mayar da shi. Wata kuma cikin ya shiga tana goyo, ba ta ga jini ba tun haihuwar da ta wuce. A irin wannan hali ana taimakawa da lokacin da ta fara jin motsi, wanda yakan zo wajen mako 18 zuwa 20 ga mai cikin fari, ya ɗan riga haka ga wadda ta saba. Ko wane tushe aka ɗauka, ana rubuta shi a saman jadawali tare da alamar ko tabbatacce ne ko ƙiyasi.

Mataki na biyu shi ne a sake lissafa makonnin kowane awo daga wannan tushe, ba a kwafi abin da aka rubuta a kati ba. Ana ƙirga kwanakin da ke tsakanin ranar tushe, wato ranar farkon al'ada ko wadda aka ƙiyasta a madadinta, da ranar awo, a raba da 7. Abin da kati ya ce ana ajiye shi a gefe domin kwatantawa.

Na uku shi ne daidaita ma'auni. Awon hawan jini ana raba shi gida biyu, na sama da na ƙasa. Yawan jini wani asibiti yana rubuta `PCV` cikin ɗari, wani `Hb` da giram. Ana iya ƙiyasta ɗaya daga ɗaya tunda na farkon ya kai kusan ninki uku na na biyun, amma a nuna wanda aka auna da wanda aka ƙiyasta. Tsayin ciki kuma dole a bambanta wanda aka auna da tef a santimita da wanda aka ƙiyasta da hannu aka rubuta da makonni. Matan da ke awo tsakanin Najeriya da Nijar, kamar na yankin Katsina da Maraɗi, suna zuwa da kati mai tsarin Faransanci, inda `DDR` ke matsayin ranar al'ada, `HU` tsayin ciki, `TA` kuma hawan jini, wanda akan rubuta `12/8` a maimakon `120/80`.

Na huɗu shi ne hukuncin gurbin da ba a cike ba. Gurbi fanko yana iya nufin abu uku: an gwada ba a ga komai ba, ko ba a gwada ba, ko kayan gwajin ne suka ƙare. Wanda ya mayar da fanko zuwa "lafiya" ya ƙirƙiri sakamakon da ba a taɓa samu ba. Ƙa'idar ita ce a rubuta "babu" kawai inda kati ya nuna an gwada, sauran a rubuta "ba a yi ba".

Na biyar shi ne ƙara layukan tsaye waɗanda babu su a kati: tazarar da ke tsakanin makonni da tsayin ciki, ƙarin nauyi a kowane mako, da jimillar magungunan rigakafi da aka riga aka sha. Waɗannan ne ainihin ribar jadawalin.

Misali

Misalin da ke biye an tsara shi ne domin koyarwa. Mace ce mai cikin fari, mai shekara 19, wadda ta tabbatar al'adarta ta ƙarshe ta fara ranar 3 ga Janairu 2023, don haka ana sa ran haihuwarta ranar 10 ga Oktoba. Ta yi awo uku na farko a asibitin garin mijinta, sannan ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta ci gaba a wani ƙaramin asibiti.

| Ranar awo | Mako a kati | Mako na lissafi | Tsayin ciki | Tazara | Hawan jini | Nauyi | Furotin a fitsari | Fansida |
|---|---|---|---|---|---|---|---|---|
| 9 Mayu | 18 | 18 | da hannu | ba a lissafa ba | 100/60 | 54 | babu | na 1 |
| 20 Yuni | 24 | 24 | 24 | 0 | 100/60 | 56.5 | babu | na 2 |
| 18 Yuli | 28 | 28 | 27 | 1 | 110/70 | 58 | ba a yi ba | ba a ba ta ba |
| 15 Agusta | 29 | 32 | 29 | 3 | 120/80 | 60 | ba a yi ba | na 3 |
| 29 Agusta | 30 | 34 | 30 | 4 | 138/88 | 63 | + | lokaci bai yi ba |

Duk wanda ya karanta katin layi-layi ba zai ga abin tashin hankali ba. A ranar 15 ga Agusta an rubuta mako 29 da tsayi 29, sun yi daidai. A ranar 29 ga wata an rubuta 30 da 30. Babu ranar da hawan jini ya kai 140/90, iyakar da ake kiran sa hawan jini na ciki. Amma da aka sake lissafin makonni, sai ta bayyana cewa a asibiti na biyu daga tef ake ɗauko makonnin: a auna ciki, a ga 29, a rubuta mako 29. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane ɓoye rashin girman ɗa, domin an sa abin da ake aunawa ya zama ma'aunin kansa. Alamarsa a bayyane take ga mai lura: kwana 28 sun wuce tsakanin 18 ga Yuli da 15 ga Agusta, amma makonnin kati ɗaya kawai suka ƙaru.

Daga mako 24, tsayin ciki a santimita yakan bi adadin makonni, da sassaucin santimita 2 zuwa 3 sama ko ƙasa. A nan tazarar ta tashi daga 0 zuwa 1, zuwa 3, zuwa 4. Cikin ya ƙaru da santimita 3 kacal a mako shida. A gefensa hawan jini yana hawa a kowane awo bayan na Yuni, daga 100/60 zuwa 138/88. An san awon kan ɗan sauka a tsakiyar ciki ya dawo a ƙarshe, amma hawa da 38 a sama da 28 a ƙasa ya wuce dawowa. A da ana ɗaukar ƙarin 30 a sama ko 15 a ƙasa a matsayin hujjar cuta. An daina yanke hukunci da shi kaɗai, sai dai har yanzu dalili ne na sa ido sosai. Nauyi, wanda ke ƙaruwa da kusan rabin kilo a mako, ya yi tsalle da kilo 3 a mako biyu, abin da ke nuna taruwar ruwa a jiki. Furotin ya bayyana a fitsari, kuma ba a san yaushe ya fara ba, tunda an yi awo biyu ba a gwada ba.

Haɗuwar waɗannan a mace mai cikin fari tana nuna yiwuwar ciwon nan na hawan jini da furotin da ke zuwa bayan mako 20, wanda in ya tsananta yake kai ga jijjiga, tare da mabiyiyar da ba ta ciyar da ɗa yadda ya kamata. Jadawali ba ya tabbatar da cuta. Abin da yake yi shi ne ya hana a ce mata ta dawo bayan mako biyu. Matakin da ya dace shi ne a sake auna hawan jinin bayan ta huta, a sake gwada fitsari mai tsabta, a tambaye ta ciwon kai, dishi-dishin gani, ciwon saman ciki da motsin ɗa, sannan a tura ta inda likita zai gan ta a yi sikanin ba tare da jinkiri ba. In awon ya kai 160/110, ko ɗaya daga waɗannan alamu ya bayyana, lamarin ya zama na gaggawa.

Layin Fansida ma yana da nasa karatu. Ƙa'idar ita ce a fara daga mako 13, a bar aƙalla wata guda tsakanin sha da sha, a samu aƙalla sau uku. A misalin nan an tsallake Yuli, aka cika na uku a Agusta, kuma rashin bayarwa ranar 29 ga Agusta daidai ne domin mako biyu kacal suka wuce. Gurbi biyu ne marasa magani, ɗaya giɓi ne, ɗaya bin ƙa'ida, kuma jadawali mai kyau yana bambanta su. Haka ake bin allurar tetanus, wadda ta biyu ke zuwa aƙalla mako huɗu bayan ta farko.

Kurakuran awo da na kwafi

Ba kowane tsalle a jadawali ke nufin ciwo ba. In nauyi ya ragu da kilo biyu daidai lokacin da mace ta sauya asibiti, a fara zargin sikeli. In duk lambobin hawan jini suna ƙarewa da sifili, ana zagaye su ne, kuma mai zagayewa yana iya mayar da 138/88 zuwa 130/80 ko 140/90, hukunci biyu mabambanta. Maɗaurin na'ura da ya yi wa hannu kaɗan yana ƙara lamba. Tsayin ciki yana sauyawa da cikar mafitsara, da ƙibar uwa, da kwanciyar ɗa a gicciye, da saukar kai cikin ƙugu bayan mako 36, da kuma hannun mai awo. Saboda haka ne ake son jadawali ya nuna wurin da aka yi kowane awo. Layin da ya maimaita na samansa lamba da lamba, har nauyi, yakan nuna an kwafa ne a ranar cunkoso. Yawan jini kuma yakan ɗan sauka a tsakiyar ciki saboda ƙaruwar ruwan jini. Ƙasa da giram 11 ake kira ƙarancin jini, a tsakiyar ciki ƙasa da 10.5, ƙasa da 7 kuma mai tsanani ne.

Shigar kwamfuta ta kawo nata kurakuran. Manhajar Excel tana mayar da `12/8` kwanan wata, haka ma `2/52` da ake rubutawa da nufin a dawo bayan mako biyu, da `3/5` na saukar kai. Alamar `+` kuma tana ɗaukar ta a matsayin farkon lissafi. Maganin shi ne a mayar da waɗannan gurabe na rubutu kafin a fara shigarwa, a kuma raba hawan jini gida biyu. Kwanan wata na iya juyewa, 9 ga Mayu ya koma 5 ga Satumba, in na'urar tana kan tsarin Amurka. In ranar tushe tana gurbin `B1`, ranar awo kuma tana `A5`, cikakkun makonni da ragowar kwanaki suna fitowa da wannan:

```
=INT((A5-$B$1)/7)
=MOD(A5-$B$1,7)
```

Idan mata da yawa ake shigarwa, tsarin da ya fi aminci shi ne kowane awo ya samu layinsa tare da lambar katin mace, daga baya a juya shi zuwa layi ɗaya ga kowace mace. Wanda ya fara da gurabe masu suna awo na ɗaya, na biyu, na uku, zai haɗa mace mai mako 14 da mai mako 30 a gida ɗaya don kawai dukansu awon farko suka zo. In kwatanci ake so, bisa zangon makonni ake jerawa. Lambar kati ita ce mahaɗi, domin sunaye irin su Hauwa da Fatima suna maimaituwa da yawa a rajista ɗaya, kuma mace kan yanki sabon kati a asibiti na biyu ta zama mutum biyu a lissafi. Duk jadawalin da zai fita daga ɗakin awo zuwa ofis ko bincike ana cire masa suna, adireshi da lambar waya, musamman in yana ɗauke da sakamakon gwajin ƙanjamau.

Iyakar aikin

Jadawali bai fi abin da aka zuba masa ba. Macen da ta fara awo a wata na bakwai ba ta da awon farkon ciki da za a kwatanta da shi, kuma layi biyu ba sa nuna alkibla. Tef ɗin awo yana kuskuren 'ya'ya da yawa da ba su girma ba, yana kuma tayar da hankali a kan waɗanda lafiyarsu lau. Shi ya sa jagorar 2016 ba ta tilasta a sauya shi da lalube da hannu ko akasin haka ba, ta bar kowane wuri da abin da ya saba. Tagwaye, yawan ruwa da ƙarin mahaifa suna ɗaga tsayin ciki, don haka tazara ta sama ma tana buƙatar sikanin. Akwai kuma haɗurran da ba sa ba da sanarwa, kamar zubar jini bayan haihuwa, waɗanda mace mai jadawali mai kyau ma tana iya gamuwa da su.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake jaddada amfani da bayanan da ake ajiyewa a gida, a 2021 kuma ta fitar da kundin da ke fayyace kowane gurbin bayanin awon ciki da ƙa'idojin yanke hukunci domin masu gina manhajoji. Irin waɗannan manhajoji suna lissafa makonni da kansu, suna kuma nuna gargaɗi. A wuraren da wuta da intanet ba su tsaya ba, katin takarda ne har yanzu ke bin mace daga asibiti zuwa asibiti, kuma ana iya zana jadawalin da biro da rula a bayansa. Ko a takarda ko a na'ura, sharuɗɗan ba su sauya ba: tushe ɗaya na kwanan wata, makonnin da aka lissafa ba waɗanda aka ɗauko daga tef ba, ma'auni ɗaya a kowane layin tsaye, gurbin da ba a cike ba a bar shi a matsayin wanda ba a sani ba, kuma ungozomar da ke cike layin yau ta karanta na sama kafin ta sallami mai ciki.